Yadda Ake Gane Kwalbar Turare da Tantance Na Asali: Murfi, Gilashi da Lambar Zubi

Kwalbar turare takan zo hannun mutum ta hanyoyi da yawa, kuma ba kullum take zuwa da kwalinta ba. Wata tsaraba ce daga Dubai ko Makka, wata an ciro ta ne daga akwatin lefe, wata kuma an tsince ta a ɗakin mahaifiya bayan shekaru, rubutun jikinta ya goge saura siffarta kawai. Tambayoyi biyu ne suke tasowa a irin wannan hali, kuma wajibi ne a amsa su bi da bi. Ta farko ita ce wane turare ne wannan, na wane kamfani, kuma na wane zamani. Ta biyu ita ce ko na asali ne ko jabu. Wanda ya tsallake ta farko ya faɗa ta biyu yakan yanke hukunci a kan kuskure, domin zai kwatanta kwalbarsa da wata da ba irinta ba, ya ga bambanci, ya ce an cuce shi alhali ba a cuce shi ba.

Hanyar da nake bi ita ce ta ɗaukar murfi, gilashi da lambar zubi, wato gajeriyar lambar da kamfani yake bugawa a kwalba da kwalinta, a matsayin shaidu uku da ake yi wa tambaya ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da zai iya tabbatar da ingancin turare shi kaɗai, amma kowanne yana iya ƙaryata sauran. Abin da ake nema shi ne ko maganarsu ta zo ɗaya.

Kayan aikin ba su da yawa: hasken rana ko fitilar waya, kyamarar waya don ƙara girman ƙananan rubutu, farar takarda, da ƙaramin ma'auni na giram idan akwai. Abin da ya fi waɗannan duka amfani shi ne wata kwalbar ta asali irin wadda ake bincike a kanta, ko da wofi ce. Idan ba a samu ba, sai a yi amfani da hotunan da kamfanin da kansa ya fitar, ba hotunan 'yan kasuwa ba.

Matakin farko: gane turaren daga siffarsa

A ajiye kwalbar a gaban farar takarda, a dubi inuwarta gaba ɗaya kafin a shiga ƙananan abubuwa. Wasu kwalabe siffarsu ce sunansu. Kwalba mai siffar tauraro shuɗi ta Angel ce ta kamfanin Mugler, wadda ta fito a 1992. Mai siffar ƙirjin namiji da ake sakawa cikin gwangwani ita ce Le Male ta Jean Paul Gaultier, ta 1995. Mai kama da curin zinariya ita ce 1 Million ta Paco Rabanne, ta 2008, mai siffar takalmin mata mai tsini kuwa Good Girl ce ta Carolina Herrera, ta 2016. Irin waɗannan ba sa ba da wahala wajen gane gidansu, sai dai a kula cewa kamfanoni sukan fitar da 'ya'ya da jikoki na turare ɗaya a cikin kwalba mai siffa guda, su canza launi kawai. Saboda haka siffa tana nuna dangi ne, launin gilashi da na murfi kuma su ne suke nuna wane ne a cikin dangin.

Wahalar tana ga kwalabe masu kusurwa huɗu ko masu zagaye, waɗanda ɗaruruwan turaruka suke kama da juna a cikinsu. A nan murfi ne mabuɗi. A dubi samansa, a dubi cikinsa, sannan a dubi saman kan feshi, domin a waɗannan wurare uku ne kamfanoni suka fi sassaƙa tambarinsu, kuma sassaƙa ba ta gogewa kamar yadda fenti yake gogewa. Haruffan C guda biyu da suka sarƙe suna ba juna baya na Chanel ne, haruffan CD na Dior ne. Daga nan sai a juya kwalbar a karanta gindinta, inda galibi ake samun sunan kamfani, yawan ruwan da ke ciki, nau'in ƙarfin turaren, wato yawan man ƙamshin da ke cikinsa, da ƙasar da aka yi shi.

Nau'in ƙarfi abu ne da ba a wasa da shi a wannan mataki. Sauvage na Dior, wanda shi ne misalin da zan riƙe har ƙarshe saboda yana cikin turarukan da aka fi yi wa jabu, ya fara fitowa a 2015 a matsayin `EAU DE TOILETTE`. Nau'in `EAU DE PARFUM` ya biyo baya a 2018, `PARFUM` a 2019, sannan `ELIXIR` a 2021. Duk kwalabensu dangi ɗaya ne, masu duhun shuɗi da baƙin murfi mai zobba-zobba, amma shekarun fitowarsu daban ne, kuma za a ga amfanin wannan nan gaba. Haka kuma kada a haɗa shi da Eau Sauvage, tsohon turaren Dior na 1966, wanda suna kawai suka yi tarayya a kai. Kwalbarsa daban, ƙamshinsa daban.

Akwai wani rukuni da ya kamata a ware tun yanzu. Kamfanonin Hadaddiyar Daular Larabawa irin su Lattafa da Armaf suna yin turaruka da dama masu kama da shahararrun turarukan Turai a ƙamshi, wani lokaci har da kamannin kwalba, amma suna sa nasu sunan a jiki. Wannan ba jabu ba ne, kwaikwayo ne da bai ɓoye kansa ba, kuma shagunan Kano da Kaduna cike suke da irinsa. Jabu shi ne wanda ya ɗauki sunan wani kamfani da tambarinsa ba da izini ba. Su ma waɗannan kamfanonin na Dubai yanzu ana yi musu jabu, don haka matakan da ke tafe sun shafe su.

Mataki na biyu: murfi da kan feshi

Murfi shi ne inda mai yin jabu ya fi yin tsimi, domin ya san idon mai saye a kan ruwan da gilashin yake. A cire murfin a riƙe shi a tafin hannu. Na asali yana da nauyin da ya dace da girmansa, gefunansa sumul ne, kuma idan an leƙa cikinsa za a ga aikin ciki a tsaftace yake kamar na waje. Na jabu sau da yawa yakan zama fayau kamar murfin gorar ruwa, da ɗan tsini a inda aka yanke shi daga mazubin roba, ko kuma a ga alamar gam a inda aka manna ɓangaren ciki. Wasu masu wayo sukan cusa guntun ƙarfe a ciki don ya yi nauyi, sai dai idan aka kaɗa shi kusa da kunne a kan ji yana motsi.

Murfin Sauvage da na Bleu de Chanel na maganaɗisu ne. Idan aka kawo shi kusa da wuyan kwalbar, shi da kansa yake fizgewa ya zauna daram, ba tare da an danna ba. Masu jabu sun daɗe da koyon sa maganaɗisu, saboda haka kasancewarsa ba hujja ba ce. Abin dubawa shi ne yadda murfin yake zama. A taɓa shi da yatsa a gani ko yana lilo, a duba ko akwai tazara tsakaninsa da kafaɗar kwalbar a gefe ɗaya fiye da ɗayan. A cikin murfin Sauvage akwai ɗan hoton ƙudan zuma da aka sassaƙa, wanda tsohuwar alama ce ta gidan Dior. A haska shi da fitila a ƙara girmansa da kyamara: a na asali fikafikai da jiki a rarrabe suke, a na jabu kuwa yakan zama dunƙule marar fasali.

Daga nan sai kan feshi da abin wuyansa. A yawancin turarukan kamfani, ana matse famfon feshin ne a bakin kwalbar da na'ura, sannan a rufe matsin da zoben ƙarfe. Wannan zobe bai kamata ya karkace ko ya yi sako-sako ba, kuma bai kamata a ga damshi ko busasshen tabo a ƙarƙashinsa ba. Idan aka ga ƙarce ko lotsawa a gefensa, kamar an sa filaya, to akwai alamar an taɓa buɗe kwalbar, kuma wannan ita ce babbar alamar kwalbar asali da aka sake cikawa da wani ruwa. Sai dai akwai togiya: wasu kwalabe an yi su ne musamman don a riƙa sake cika su, kansu na murɗawa ne. Dior ya fara fitar da Sauvage irin wannan a 2021. Don haka kan da ke kwancewa ba laifi ba ne idan zamanin kwalbar ya dace da haka, amma yana nufin cewa ba a sayen irin wannan kwalba a buɗe sai daga hannun wanda aka amince da shi, tun da kowa yana iya zuba abin da ya ga dama.

A kwalbar da ba a taɓa amfani da ita ba, dannawar farko ko biyu ba ta fitar da komai, domin bututun bai ja ruwa ba tukuna. Idan aka ce sabuwa ce fil amma ta fesa tun a dannawar farko, to an taɓa amfani da ita. Feshin na asali yana fita a baje kamar hazo, ba ya tsartuwa kuma ba ya ɗiga ta gefen kan.

Mataki na uku: gilashi

Manyan kamfanonin turare ba su suke narka gilashinsu ba. Suna ba da aikin ne ga ƙwararrun masana'antu irin su Pochet du Courval da Verescence a Faransa, ko Bormioli Luigi a Italiya, kuma ingancin aikin waɗannan wuraren ne mai jabu yake kasa kamowa da araha. A ɗaga kwalbar a gaban haske a juya ta a hankali. Abu na farko da za a duba shi ne cikin gindinta, wato inda ruwan ya tsaya a kan gilashi mai kauri. A kwalbar asali wannan layi a daidaice yake, ko a miƙe ko a lanƙwashe iri ɗaya ta kowane gefe. A ta jabu yakan karkata, gefe ɗaya ya fi kauri, kamar tuwon da aka kwashe a karkace. Wannan alama tana da wahalar ɓoyewa domin daga wurin busa gilashin take samo asali.

Sannan a bi gefen kwalbar da farce. Kowace kwalbar da aka yi a mazubi tana da layin haɗi inda ɓangarorin mazubin biyu suka gamu, har da ta asali, don haka ganin layin ba laifi ba ne. Bambancin shi ne a ta asali an goge shi har sai an nema kafin a ji shi, a ta jabu kuwa yana kama farce. Kumfa manya-manya a cikin gilashi, ko gilashi mai gajimare, ko kwalbar da ke rawa idan an ajiye ta a kan tebur, duk alamu ne marasa kyau. Ƙwayar kumfa ɗaya ƙanƙanuwa ba ta isa a yanke hukunci ba, musamman a tsofaffin kwalabe.

A gindin, ban da rubutun kamfanin turare, akan sami ƙananan haruffa ko lamba da suka taso daga jikin gilashin kansa. Waɗannan na masana'antar gilashi ne, misali `HP` na Pochet, ko lambar mazubin da aka yi amfani da shi. Mutane da yawa sukan ɗauka wannan ce lambar zubi, su yi ta nemanta ba su samu ba. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: abin da ya taso daga gilashi tun wurin narkawa aka yi shi, lambar zubi kuwa daga baya ake buga ta, ranar da aka cika kwalbar.

Rubutun gaban kwalbar shi ma a ƙara girmansa. Haruffan asali gefunansu a yanke suke tsaf, tazarar da ke tsakaninsu daidai take, kuma ba sa kankaruwa da farce. A kwalabe masu launi irin ta Sauvage, a duba yadda duhun yake sauka zuwa haske: ya kamata ya tafi sannu a hankali, ba tare da ɗigo-ɗigon fenti ko layin da launi ya yanke farat ɗaya ba.

Idan akwai ma'auni da kuma cikakkiyar kwalba ta asali, a auna su biyun. Ruwan turare ya fi ruwan sha sauƙin nauyi saboda yawancinsa sinadarin alkohol ne, mililita 100 ba ta wuce giram tamanin da 'yan kai ba, sauran nauyin duk na gilashi da murfi ne. Bambancin giram biyu ko uku tsakanin kwalabe biyu na asali abu ne da aka saba gani. Bambancin giram ashirin ko talatin yana nufin ba daga mazubi ɗaya suka fito ba, sai dai a fara tabbatar da cewa kamfanin bai sauya fasalin kwalbar ba tsakanin shekarun biyu.

Mataki na huɗu: lambar zubi

Lambar zubi ita ce gajeriyar lambar da kamfani yake bai wa duk turaren da aka haɗa aka cika a karo ɗaya, domin idan matsala ta taso a san waɗanda za a janye daga kasuwa. Ana samun ta a wuri biyu: a ƙarƙashin kwali, inda ake buga ta da tawada ko a danna ta cikin takardar, da kuma a gindin kwalba ko ƙasa-ƙasan bayanta, inda ake zana ta da na'ura ko a buga ta a kan 'yar takardar manni. Kada a haɗa ta da doguwar lamba mai alƙaluma 13 da ke ƙarƙashin zanen layuka, kuma kada a haɗa ta da lambar samfur wadda aka buga tare da sauran rubutun kwali kuma take iri ɗaya a kowane kwali.

Gwaji na farko shi ne lambar kwali da ta kwalba su zama ɗaya, harafi da harafi. Idan sun saɓa, ko dai jabu ne ko kuma an sauya kwali. Gwaji na biyu shi ne yadda aka buga ta. Tun da lambar tana canzawa daga zubi zuwa zubi, ba a buga ta tare da sauran rubutun kwali. Tana zuwa ne daga baya da wata na'ura, shi ya sa siffar haruffanta take bambanta. Idan aka ga lambar ta fito sumul da tawada ɗaya da haruffa iri ɗaya da na jerin sinadarai, to tare aka buga su, kuma wannan alama ce ta kwalin da aka kwafa.

Gwaji na uku shi ne karanta lambar. Kamfanoni ba sa bayyana tsarinsu a fili, masu tara turare ne suka gano shi ta hanyar kwatanta kwalabe masu yawa, kuma kowane gida da nasa. Na Dior galibi alamomi huɗu ne: alƙalami, harafi, sai alƙaluma biyu. Alƙalamin farko shi ne ƙarshen shekara, harafin kuma wata ne. Daga 1998 zuwa 2007 an yi amfani da A zuwa M, ana tsallake I, wato A Janairu, M Disamba. Daga 2008 zuwa 2017 aka koma N zuwa Z, ana tsallake O, wato N Janairu, Z Disamba. Daga 2018 aka sake dawowa kan A zuwa M. Wannan sauyin haruffa shi ne yake raba shekarun da suka ƙare da alƙalami ɗaya, kamar 2009 da 2019. Kamfanonin da ke ƙarƙashin Estée Lauder, irin su Tom Ford da Aramis, alamomi uku suke amfani da su: ta tsakiya wata ce, ta ƙarshe shekara, don haka `A59` tana nufin Mayu na shekarar da ta ƙare da 9. Chanel alƙaluma huɗu ne zalla, kuma suna zagayowa bayan wasu shekaru, shi ya sa ba a iya sanin shekara daga lambar kaɗai sai an haɗa da fasalin kwali.

Akwai shafuka irin su CheckFresh da ake shigar da lambar su ba da kwanan wata. A fahimci abin da suke yi: lissafi kawai suke yi bisa tsarin da na bayyana, ba su da rumbun bayanan kamfani. Mai jabu yakan sayi kwalba ɗaya ta asali, ya kwafi lambarta a kan dubban kwalabensa, kuma duk za su ba da kwanan wata mai kyau. Saboda haka idan mai shago ya shigar da lambar a wayarsa ya nuna maka ta fito, bai nuna maka komai ba face cewa lambar tana da siffar da ta dace. Lambar zubi tana iya kayar da kwalba, amma ba ta iya wanke ta.

Yadda abin ya kasance da wata kwalba

Wani ƙanena ya kawo mini Sauvage mai mililita 100 da ya saya a hannun wani mai sayarwa ta waya, a farashin da ya yi ƙasa sosai da na shago. Ya ce, "Yaya, duba mini wannan, mai kayan ya rantse daga filin jirgin sama aka kawo shi, har lambar ya nuna mini ta fito." Na ce masa ya bari mu ji ta bakin kwalbar tukuna.

Siffar ta nuna dangin Sauvage ne, kuma an rubuta `EAU DE PARFUM` a kwali da jikin kwalba, don haka na san ba za ta girmi 2018 da yawa ba. Murfin yana da maganaɗisu, yana da CD a sama, amma da na taɓa shi sai ya ɗan yi lilo, ƙudan zuman cikinsa kuma kamar an danna shi a kan kakin zuma. Wannan ya sa na fara zargi, amma ban yanke hukunci ba. Gilashin ya yi kyau fiye da yadda na zata, sai dai cikin gindin ya ɗan karkata zuwa gefe ɗaya idan an haska. Sai muka zo kan lambar, wadda ta zo ɗaya a kwali da kwalba: `6T01`.

Harafin T yana cikin jerin N zuwa Z, wanda aka yi amfani da shi daga 2008 zuwa 2017. A wannan jeri N Janairu ne, P Fabrairu, Q Maris, R Afrilu, S Mayu, T Yuni. Alƙalamin 6 a cikin waɗannan shekaru 2016 ne kaɗai. Ke nan lambar tana cewa an cika kwalbar a Yunin 2016, alhali nau'in da aka rubuta a jikinta bai fito ba sai 2018. Kamfani yakan fara cika kwalabe 'yan watanni kafin ya ƙaddamar da turare, amma ba shekara ɗaya da rabi ba. Abin da ya fi dacewa da hankali shi ne an kwafi lambar daga wata tsohuwar kwalbar `EAU DE TOILETTE` aka ɗora a kan sabon nau'i. Shafin da mai kayan ya nuna masa bai yi ƙarya ba, ya ba da 2016 kamar yadda lissafi ya nuna. Abin da shafin bai sani ba shi ne wane nau'i ne a hannu.

Da a ce lambar `9K01` ce, wato Oktoban 2019, da ta dace da nau'in, kuma da ba ta kayar da kwalbar ba. A wannan hali sai hukunci ya koma kan murfin da ke lilo da gindin da ya karkace, kuma da sai na nemi kwalba ta asali in ajiye su kafaɗa da kafaɗa kafin in ce komai.

Kwali, da abubuwan da kan ruɗar da mai bincike

Kwali yana taimakawa wajen ƙarfafa kwanan watan da lambar ta bayar. Tun 2005 dokar Tarayyar Turai ta wajabta a rubuta sunayen wasu sinadarai 26 masu iya tayar da ƙaiƙayi idan suna ciki, saboda haka kwali mai dogon jerin sinadarai ba zai zama na shekarun 1990 ba. Haka kuma an haramta `BUTYLPHENYL METHYLPROPIONAL` a Turai daga Maris na 2022, don haka idan kwalin turaren Faransa yana ɗauke da wannan suna amma lambar tana cewa 2024, maganarsu ba ta zo ɗaya ba. Doguwar lambar layuka ta kayan Dior tana farawa da `334890`, ta Chanel da `314589`. Alƙaluman farko suna nuna ƙasar da kamfani ya yi rajista ne, ba inda aka haɗa turaren ba, kuma kwafarsu ba ta da wuya, don haka ita ma tana kayarwa ne kawai idan ta saɓa. Ledar da aka naɗe kwalin da ita ta kamata ta manne tsaf da naɗi mai kyau, kuma a ciki akwai kwalin tallafi da ke riƙe kwalbar kada ta yi ƙara idan an girgiza.

Akwai halaye biyu da sukan sa a zargi na asali bisa kuskure. Na farko shi ne testa, wato kwalbar da ake bai wa shaguna don gwaji, wadda takan zo a farin kwali, wani lokaci ba murfi. Testa ta gaskiya tana da lambar zubi kamar kowace kwalba, sai dai masu jabu sun mayar da wannan suna mafaka, domin yana ba su uzurin rashin kwali mai kyau da kuma araha. Mai sayarwar da ke da testa katan-katan na kowane shahararren turare abin tambaya ne. Na biyu shi ne kayan da aka kankare wa lamba ko aka yanke wani gefen kwalinsu. Wasu dillalai sukan yi haka da kayan asali don kada kamfani ya gano ta inda suka fita, amma tun da an cire shaida ɗaya daga cikin uku, mai saye ne yake ɗaukar kasadar.

Ƙamshi shi ne na ƙarshe, kuma a kan takarda ake fara gwada shi, ba a fata ba, domin ba a san abin da aka zuba a kwalbar da ake zargi ba. A fesa wanda ake bincike a takarda ɗaya, na asali a wata, a rubuta suna a bayansu, a shinshina bayan minti biyar, bayan awa ɗaya, da bayan awa shida. Jabu yakan yi kama da na asali a mintunan farko, domin a nan aka kashe kuɗin, sannan ya dushe ko ya koma wani zaƙi-zaƙi marar kan gado. Na asali da zafi ya taɓa kuwa akasin haka yake yi: turaren da ya sha zafin Afrilu a cikin mota ko a tagar shago yakan buɗe da tsami ko warin alkohol, launinsa ya yi duhu, amma bayan awa ɗaya sai ƙamshinsa na ƙasa ya dawo daidai da na ɗan'uwansa. Girgiza kwalba a ƙirga daƙiƙun da kumfa take ɗauka kafin ta ɓace, wanda ake yawan koya wa mutane, ba gwaji ba ne da nake dogara da shi, domin kumfar tana bambanta da nau'in haɗi ko a tsakanin turarukan asali.